Waldar da Baba Gam Ya Yanke da Hannunsa

Sunan Baba Gam ba daga gida ya zo da shi ba, masu kawo masa gyara ne suka laƙaba masa tun yana da rumfar walda a bakin titi. Duk ƙarfe biyun da ya haɗa, to, sun rabu da rabuwa. Ya yi ƙofofi, ya yi tagogi, ya yi gadajen da aka haifi mutane a kai har su ma suka haihu, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ɓalle ba. Wannan ita ce dukiyarsa a duniya, kuma ba ya ɓoye ta. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, kafin ku kai ga tambayar iyali ka ji labarin.

Mutum ne da bai iya ganin abu yana lilo ya wuce ba. A gidansa kujerar ƙarfe mai naɗewa ta daina naɗewa tun makon da aka sayo ta. Marfin tukunya ne kawai ya tsira, shi ma don matarsa tana ɓoye shi.

"Malam," in ji ta, "ni dai ina roƙon Allah kada wata rana ka ga bakina yana motsi da yawa."

"Na sha dubawa," ya ce. "Babu wurin kama wayar walda."

Da gemu ya fara fari, ido ya fara gajiya da rumfa, sai surukinsa ya samo masa aiki a ƙungiyar masu kula da hanya. Aikin ba wuya: mota ta daki ƙarfen gefen titi, a kira shi ya miƙe, ya haɗa. A nan ya haɗu da doguwar gadar da ta ratsa kogi, mai hanyar ƙafa a gefe da shingen fayif hawa biyu don kada mutane su faɗa ruwa.

Wata ranar tsakiyar zafi aka kai shi ya gyara inda wata babbar mota ta goga. Ya gama da wuri. Foman ɗinsu ya sami inuwa a ƙarƙashin motar aiki, ya rufe fuska da hula yana kula da ma'aikata. Baba Gam na naɗe waya sai ya ji ƙara a ƙarshen gadar, duk motar da ta wuce sai wani abu ya yi ƙwal-ƙwal. Ya bi ƙarar.

A inda gadar ta ƙare ta haɗu da ginin bakin gaɓa, akwai tsaga da ta ratsa titin daga gefe zuwa gefe, an yi mata baki da ƙarfe, an toshe da roba. Daidai samanta fayif ɗin shingen ya rabu biyu: ɗaya a kan sandar da ke kan gada, ɗaya a kan sandar da ke kan gaɓa. An zura ƙaramin fayif a cikinsu, an yi masa walda a gefe ɗaya, ɗaya gefen an bar shi sake. Tsakanin manyan biyun ko ɗan yatsa ba zai shiga ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tsaya yana kallon abin yana jin kunya a madadin wanda ya yi shi. Wato mutum ya yi rabin aiki, ya kashe inji, ya tafi gida ya ci abinci.

Kada a ce bai san ƙarfe na miƙewa da zafi ba. Ya sani sarai, ya ga ƙofa ta karkace a hannunsa saboda wutar walda. Har ya yi tunanin haka a wurin, ya ce fayif mai tsawon taku biyu, in rana ta gasa shi, nawa zai ƙaru? Ko kaurin farce bai kai ba. Kuma gaskiyarsa ce. Abin da bai duba ba shi ne abin da fayif ɗin ke tsaye a kai.

Ya jawo waya, ya haɗa na sama, ya haɗa na ƙasa, ya zagaye kowanne da ɗinki mai kyau kamar saƙa, ya kankare, ya shafa fenti. Mota ta wuce, shiru. Bai faɗa wa kowa ba a wurin aiki, don alheri ne ya yi. A gida kuwa matarsa ta ji labarin sau uku kafin a kwashe kwanuka.

Zafi ya wuce, ruwa ya zo ya tafi, sanyi ya shigo. Wata safiya yana shan shayi a tsakar gida, ya naɗe wuya da tawul, foman ya yi sallama a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, kai ka taɓa shingen ƙarshen gada?"

"Ni na gyara shi."

"To, sa takalmi. Ya lalace. Injiniya tana can tana jira."

Ya ajiye shayin, ya bi shi. A cikin mota foman yana ta maganar kora da dakatarwa da abin da za a ce a ofis, Baba Gam bai ji ko ɗaya ba. Abu ɗaya ne ke cin zuciyarsa: waldarsa ta ɓalle. Kuma ba a cikin lungu ba, a kan gadar da rabin gari ke bi kullum. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da wuta ta ja shi.

An kewaye wurin da igiya. Sandunan shingen biyu, ta kan gada da ta kan gaɓa, sun sunkuya wa juna kamar masu gulma. Ta kan gaɓa ta ɗago gindi, ta tumɓuko kusoshinta tare da dunƙulen kankare. Bai kalli wannan ba. Ya wuce ƙarƙashin igiyar, ya durƙusa, ya shafa waldar ta sama, ya shafa ta ƙasa, ya leƙa ta baya. Ko tsagewar gashi babu.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

"Baba, godiyar me kake yi?"

Injiniyar ce, mace sa'ar 'yarsa ta biyu, da hular kwano da rigar sanyi. Ba ta yi kama da mai fushi ba, ta fi kama da wadda aka tasa kafin ta karya.

"Ranki ya daɗe, ba ta ɓalle ba."

"Na gani. Da ta ɓalle ai da mun huta."

Ta kai shi bakin tsagar titin ta ce ya sa hannu. Yatsunsa huɗu suka shige a kwance, har da saura.

"Ranar da ka yi aikin, haka take?"

Ya girgiza kai. Ranar a matse take, ya tuna.

"Gadar nan a wuri ɗaya kawai aka kafe ta," in ji ta, tana nuna wani ginshiƙi can cikin ruwa. "Daga can zuwa nan mita ɗari biyu ne, kuma duk a zaune take a kan matasai masu zamewa. In zafi ya yi ta miƙe ta matso nan, in sanyi ya yi ta janye. Daga ranar da ka yi waldar zuwa safiyar yau, jikinta ya sauka da digiri kusan talatin. Kowace mita ɗan kaɗan take raguwa, amma ka tara ɗari biyu, ka sami santimita bakwai. Shi ne yatsunka huɗu."

"Gada dai? Mai siminti?"

"Siminti da ƙarfe kusan tafiyarsu ɗaya. Kullum ma tana ɗan zuwa da rana, ta koma da asuba. Tun da ka ɗaure ta take girgiza kusoshin nan."

"To, ai sai a ƙara wa sandar kauri."

"Sai ta tumɓuke abin da ke bayan sandar. Baba, in ka ce za ka hana gadar nan janyewa gaba ɗaya, ƙarfin tan dubbai kake nema. Ita ba ta ma san ka riƙe ta ba. Abin da ya fi rauni a layin shi ke tafiya, kuma kai ka tabbatar ba waldarka ba ce."

Ya ji daɗin wannan maganar, ya kuma san bai kamata ya ji ba.

Ba a kore shi ba. Ta ce laifin har da nasu, da ba su gaya masa ba ranar da ya fara aiki, ta kalli foman, foman ya kalli kogi. Amma ta ce a yanke waldar yanzu, kafin a taɓa komai, kuma kowa ya matsa, don fayif ɗin a ɗame yake. Foman ya ɗauko injin yanka.

"Ajiye," in ji Baba Gam. "Ba a taɓa sa wa aikina inji ba. In za a fara, ni zan fara."

Ya karɓi injin, ya tsaya daga gefe kamar yadda ta ce, ya sa dutsen yankansa a kan ɗinkin. Waldar ta ba shi wuya, don da gaske ya yi ta. Saura kaɗan ya ratsa sai ƙarfen ya yi tas, ya rabu, bakin biyu suka ja da baya. Ya yanke ta ƙasa ita ma. Ya daɗe yana naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi.

Da aka zuba sabon kankare ya yi ƙarfi, aka kafa sababbin sanduna, shi aka kira. Injiniya ta ɗora ma'aunin zafi a jikin gadar, ta yi lissafi, ta ja masa layi da alli. Da yake sanyi ne, gadar a janye take, sai a bar fili fiye da yatsu huɗu tsakanin manyan fayif ɗin don ta sami wurin dawowa, na cikin kuma ya yi tsawon da ba zai zare ba. Walda a gefe ɗaya kawai.

Ya yi gefen ɗaya, ya yi shi da kyau. Sannan ya tsaya da sandar walda a hannu yana kallon ɗaya gefen.

"Baba," in ji ta.

"Ina kashe injin ne, 'yata."

Wata mota ta wuce. Ƙwal-ƙwal.

Bayan wasu kwanaki suka biyo ta gadar da ƙafa shi da matarsa, za su dubo jika. A ƙarshen gadar wani tsohon abokin sana'arsa, wanda suka yi rumfa kusa da juna shekara da shekaru, yana tsaye yana girgiza fayif ɗin da hannu.

"Yawwa, Gam, zo ka ga abin kunya. Wane malalaci ne ya yi rabin aiki ya gudu? Ka kawo inji gobe mu rufa masa asiri."

Matarsa ta ɗauke kai tana kallon ruwa. Baba Gam ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya matso, ya cire hannun abokin daga kan ƙarfen a hankali, ya sa yatsu a cikin filin ya auna. Ya ɗan ragu, rana ta fara ɗagawa.

"Ni na yi," ya ce. "Kuma duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne."