Wayar Gado Mai Lissafin Wata

A ƙauyen Kashin Zama, idan gardama ta tashi a kan kwanan wata, ba a jan ta da nisa. Sai wani ya ce, "Ku bari Gado ya fito." Malam Gado manomin albasa ne, dogo, mara yawan magana, idanunsa kullum a tsuke saboda kallon sama. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa bayan gari su tsaya neman jinjirin wata, kuma da tsohon ya rasu sai aikin ya zama nasa ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Mai jego za ta aiko a tambaye shi ranar arba'in, mai azumin nafila ya tare shi a ƙofar masallaci. Bai taɓa cewa bari in tuna ba.

Da ya yi ƙaramar waya mai madannai, sai ya mayar da ita abokiyar lissafi. Duk daren da wata ya tsaya, zai zauna ya gyara kwananta ya koma ɗaya, lambar watan ma ya daidaita ta da watan Musulunci. Shekara da shekaru yana haka, wayar ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ana kira, yana ɗagawa.

A bara, da Babbar Sallah, ɗiyarsa Rahma, wadda take koyarwa a wata firamare a Jega, ta kawo masa babbar waya irin ta shafawa. Ta sa masa manhajar banki, ta zauna da shi a gindin darbejiya har ya iya tura kuɗi da kansa. Ta ce, "Baba, ka daina yawo da kuɗi cikin aljihu a kasuwar Aliero." Ya yarda. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: duk lokacin da ya kunna wayar, kwanan boko take nuna masa. Bayan tafiyar Rahma ya je wurin mai cajin waya na ƙauyen, ya sa aka nuna masa inda ake canjawa, ya koma gida ya mayar da ita wata na goma sha biyu, daidai da Zulhajji. Ya ji hankalinsa ya kwanta. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa babu abin faɗi.

Albasarsa ta waccan shekarar kuwa tun rani take cikin rudu, rumfar ajiyar albasa, yana juya ta, yana tsince ruɓaɓɓu, yana jiran farashi ya ɗaga. Da damina ta kankama ya ga ba za ta ƙara jurewa ba, ya ɗure ta a buhuna, aka kai Aliero. Ya shirya da wani direban babbar mota, Lawali, wanda zai bi hanyar kudu da la'asar. Sharaɗin Lawali ɗaya ne: a tura kuɗin mota kafin a ɗora buhu, don da shi zai sha mai.

Buhunan suna jibge a fili, ba rumfa. Gado ya ciro waya ya taɓa alamar banki. Ta yi fari, ta ɓace. Ya sake taɓawa, ta sake rufewa kamar wadda aka tsorata. Ya goge yatsansa a riga ya ƙara. Haka dai.

A lokacin ne ya ɗaga kai, bisa sabo, ya dubi gabas. Hadari ya haɗo can ƙasa, baƙi ƙirin. Ba sai an gaya masa ba: albasar da ta sha ruwa cikin buhu ba ta isa kudu, a hanya take narkewa, wari ya kori mai saye. Noman rani gaba ɗaya ke nan a ƙasa.

"Baba, ban ji alat ba," in ji Lawali, yana kaɗa makulli.

"Waya ta ƙi buɗewa, ɗana. Ka ɗora, in ta buɗe in tura ma."

"Wallahi Baba ba don ban yarda da kai ba. Wancan makon haka wani yac ce min, sai da na kwana a gidan mai. Ga Alhaji Mu'azu can da nashi kaya, kuɗɗinshi a hannu. Kai na fara yi wa alkawari, shi ya sa nike tsaye. Amma iska na tashi, nashi za ni ɗauka, in ja tamfol."

Gado ya tuna da katin banki, da zai iya miƙa wa masu POS. Katin yana cikin akwati a gida, makullin yana ɗaure a bakin zanen matarsa Iyatu, Iyatu kuwa ta tafi bikin suna a ƙauyen Gehuru tun safe. Ya kira Rahma ko za ta tura daga nata, wayarta a kashe, tana aji. Wani ya ce ya danna lambobin nan da ake tura kuɗi ba da data ba, amma bai taɓa yin rajistarsu ba, kuma rajistar ma lambobin jikin katin take nema.

Ya ratsa kasuwa da sauri irin wanda ba a saba ganinsa da shi ba, har rumfar Waliyyu mai gyaran waya, wani magidanci mai gilashi ɗaure da zare. Mutane uku na jira. Gado bai taɓa tsallake layi ba a rayuwarsa, amma ranar ya ce, "Ku yi min gafara, albasata tana waje." Suka dubi sama, suka matsa.

Waliyyu ya taɓa manhajar, ta rufe a idonsa. Ya ce, "Tarkace ne ta tara. Bari in share mata." Ya shiga saitin waya, ya nemo manhajar, ya shiga wurin ma'ajiyarta. Madannai biyu ne a jere. Ya nuna wa Gado da farce. "Wanga shi muke kira kash, shara ce kawai, ba ya taɓa kuɗɗinka. Na kusa da shi ko, in na taɓa, sai ta mance da kai ɗungum, mu koma shigarwa tun daga farko. Ka ga hannuna, na farkon na danna."

"Danna duk wanda Allah ya nuna ma, ka dai yi sauri."

Wannan karon manhajar ta tsaya, ba ta gudu ba. Gado ya sa lambobin sirrinsa, yana kare fuskar wayar da hula. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan jan rubutu ya fito. Waliyyu ya karanta, ya ce ta kasa tantancewa, wai ba ta samu amintacciyar hanya zuwa banki ba.

"Ba ta san ni ba? Rahma ta nuna mata fuskata!"

"Wataƙila ta tsufa ne, sun fitar da sabuwa. Bari mu sabunta."

Ya buɗe rumbun da ake sauko da manhajoji. Shi ma ya ƙi, ya ce babu haɗi. Waliyyu ya duba data, akwai. Ya kashe ya kunna. Ya ɗauko tasa wayar, layinsu ɗaya, ta buɗe komai nan take. Ya cire gilashi ya murza ido.

Iska ta farko ta bugo, mai sanyi, da ƙamshin ƙasa. Ledoji suka tashi sama, 'yan tireda suka fara kwashe kaya. Daga bakin rumfar Gado yana hango saman motar Lawali, yana hango 'yan dako sun matsa kusa da kayan Mu'azu. Ya fara salati a hankali, bai ma san yana yi ba.

Wani dattijo ɗan garinsu, Ya'ƙub, ya shigo rumfar don ya fake, bai san abin da ake ciki ba. Ya ce, "A'a, Gado! Na ko same ka. Yau nawa ga wata? Ina son in yi azumin tsakiyar wata."

Gado bai ko juyo ba. Ya nuna wayar da ke hannun Waliyyu. "Ga shi nan bisa fuskarta, duba."

Waliyyu ya duba. Ya ƙara kusantar da ita ga idonsa. "Baba, wagga waya cewa take muna Disamba."

"Zulhajji dai. Wata na sha biyu. Ni na gyara ta, da hannuna."

"Kai ka... La ilaha illallahu! Baba, mu muna Yuni, kai ka tura ta wata shida gaba! Banki na da shaidar da yake nuna wa waya kafin su yi magana, shaidar tana da ranar ƙarewa. Wayarka ta duba kwananta ta ga wa'adi ya wuce, ta ce ba ta yarda ba. Shi ya sa rumbun ma ya ƙi."

Gado ya buɗe baki zai ce lissafinsa daidai yake, don daidai ɗin yake. Tsawa ta katse shi. Ya ce, "Mayar mata da nata."

Waliyyu ya kunna wurin da waya ke karɓar kwana da lokaci da kanta daga layi. Disamba ta ɓace, Yuni ta dawo. Rumbun ya buɗe, ga sabuntawar banki tana jira. Manhajar ma da aka buɗe ta ce ba za ta yi aiki ba sai an sabunta ta. Layin saukarwa ya fara tafiya kamar hawainiya. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfa, ƙwas. Na biyu. Ya'ƙub, da ya ji abin da ake ciki, ya fita a guje ba a aike shi ba, ana jin muryarsa yana ƙwala wa Lawali kira, ya dakata don Allah.

Da ta gama, banki ya aiko da lambar tantancewa ta saƙo. Gado ya karanto ta da ƙarfi, Waliyyu ya daka masa tsawa, "Kada ka faɗa wa kowa, ko ni! Sa da kanka." Gado ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Ta buɗe. Ya shigar da lambar asusun Lawali, sunan ya fito, ya tura.

Bai jira komai ba, ya cusa wayar cikin hula ya fita. Ya tarar an riga an ɗora wasu buhunan Mu'azu, Lawali na tsaye a kan taya yana kallon wayarsa. Lawali ya ɗago ya yi ihu, "Ta shigo! Ku kwaso na Baba!" 'Yan dako suka rufa a kai, Gado da Ya'ƙub suka kama buhu tare, da furfurarsu. Ruwa ya kece kafin a gama. Aka ja tamfol a kan abin da ya shiga, wanda shi ne mafi yawa. 'Yan buhunan ƙarshe suka jiƙe sharkaf, Lawali ya ce ko kyauta ba zai haɗa su da sauran ba. Gado ya tsaya cikin ruwa har motar ta hau kwalta.

Jiƙaƙƙun ya mayar da su gida, Iyatu ta baza a ɗaki, ta yanka abin da ya yanku ta shanya, sauran aka zubar. Da Rahma ta ji labari ta zo ta sa masa kalandar Musulunci daban a wayar, wadda ba ta taɓa agogon. Yana dubawa, amma ya lura wani lokaci takan riga watan da aka gani da kwana ɗaya, don haka bai sakar mata lissafin ba. Wurin kwanan wayar dai bai sake shiga ba. Ranar ashirin da tara ga wata kuwa, da an sallame magariba, har yau zai bar wayar a kan tabarma ya nufi bayan gari.