Layin da Yaya Bai Goge Ba

Yayana ba ya zubar da komai. Tun muna yara haka yake. In ka shiga shagonsa sai ka karkace kafin ka wuce, ga cajojin wayoyin da aka daina yi tuntuni, ga fanka mai fiffike ɗaya, ga gwangwanayen madara cike da ƙusoshi. In ka ce a share, sai ya ce, "Bar shi, zai yi rana." Matarsa ta gaji da faɗa har ta koma dariya. Ta ce ita ma ta san dalilin da ya sa bai sake ta ba ke nan.

Kwamfuta ya karanta, kuma ya iya, ban faɗa don ɗan'uwana ne ba. Aiki ne dai bai samu ba. Ya yi yawon ofisoshi har takalminsa ya buɗe baki, daga baya ya kama shago yana gyaran waya. 'Yan layi suna kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci, shi kuma yana amsawa duka. Abin da ransa yake so shi ne injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya samo tsohon firiji ya sa masa hita da 'yar fanka, da sensa mai jin zafi, da ƙaramin allo a ƙofa. Ya rubuta firogiram ɗin da ke kunna hitar yana kashewa da hannunsa. Ƙwan kasuwa ya gwada, suka fito tsaf. Ranar har rawa ya yi, mutum da furfura a gemu.

Sai annoba ta shiga kajin Inna. Kajin nan ba irin na kasuwa ba ne. Wake-wake ne masu gajerun ƙafafu, irin da mahaifinmu ya kawo gidan tun kafin a haife ni, kuma tun rasuwarsa Inna ba ta taɓa bari irin ya yanke ba. Da su take hira da safe. Cikin 'yan kwanaki suka zube, har zakaran. Abin da ya rage kawai ƙwan da ta tara a kwando, ba kuma kazar da za ta kwanta a kai.

Yaya ya ce, "Inna, ki ba ni su. Mako uku, ki ji tsiyo-tsiyo."

Ta ce, "Kai da firijin nan naka?"

"Na gwada, Inna. Wallahi yana yi."

Ta miƙa masa kwandon da hannu biyu. Ban taɓa ganin ta damƙa masa wani abu haka ba, shi ma ya sani.

Ana gobe za a sa ƙwan, tsohuwar sensar ta mutu, ya sayo sabuwa. Shi ba mai sakaci ba ne. Ya sa ma'aunin zafi na gilashi a ciki ya gwada, ya ga sabuwar tana rage digiri biyu. Wannan ba matsala ba ce, domin a saman firogiram ɗin akwai gurbin da ya tanada don haka, ya sa masa suna "gyara". Duk lambar da ke ciki, ana ƙara ta a kan abin da sensa ta karanta. Ya mayar da ita biyu, ya loda firogiram ɗin a injin, ya jera ƙwan. Firijin ya huce saboda buɗe ƙofa, sai allon ya fara hawa a hankali har ya tsaya a talatin da bakwai da rabi, daidai yadda ƙwan kaza ke so. Ma'aunin gilashin kuwa, mai shagon magani da ya ara masa ya aiko a karɓa.

Kullum Inna sai ta yafa mayafi ta zo shagon. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace kamannin lambar nan. Ta leƙa, ta ce, "Tana nan," ta koma gida.

Tun kafin lokaci ya cika ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe. Yaya ya kira ni yana murna, amma da na zo na tarar fuskarsa ta canza. Ɗan tsakon ya fito da ƙafafu a karkace, cibiyarsa ba ta rufe ba, bai kai yamma ba. Muka jira sauran. Mako uku ya cika ya wuce, shiru. Da ya fasa su ɗaya bayan ɗaya, wasu sun mutu tun suna jini, wasu har da gashinsu. Warin ya kori maƙwabcinsa tela daga shago.

Ya sake aro ma'aunin gilashin. Allo ya ce talatin da bakwai da rabi, gilashi ya ce talatin da tara da rabi. Ya buɗe kwamfuta ya zauna, ni ina tsaye a bayansa. Can sai na ga ya ɗora hannu a ka.

"Zo ki gani," ya ce. Ya nuna mini sama, gyara biyu, tana nan lafiya lau. Sannan ya gangara zuwa sashen da ke karanta zafi. A cikinsa akwai wani layi da ya sake buɗe sabon gurbi, shi ma sunansa gyara, an sa masa sifili.

"Tun ina gwaji na rubuta shi," ya ce. "Lokacin ba na son na sama ya dame ni. Tsohuwar sensar daidai take, sifili ake so, shi ya sa ban taɓa gani ba."

Na ce, "To ba ka sa biyu a sama ba?"

"Na sa. Amma in suna ɗaya ne, sashen nan na cikinsa yake ɗauka. Na wajen yana nan, ba ya ganinsa ne kawai. Kamar ki yi kira a ɗaki, na kusa da ke ya amsa."

"Kwamfutar ba ta ce maka komai ba?"

"Me za ta ce? Ba laifi ba ne a wurinta, an yarda a rubuta haka."

Allon da hitar duka daga sashen nan suke karɓar lamba, shi ya sa bakinsu ya zo ɗaya. Mako uku injin yana gasa ƙwan Inna a hankali, ita kuma tana zuwa tana gaishe shi.

Na so in zage shi, wallahi na so. Na so in ce ga ranar da tarkacenka suka yi. Sai na ga ya kai hannu kan kwamfutar. Ya danna maɓalli ɗaya layin ya tafi. Shi ne abu na farko da na taɓa ganin ya zubar.

Mun bi ƙauyuka muna neman irin kajin. Wake-wake akwai su, amma dogaye ne, Inna ta kalle su sau ɗaya ta kau da kai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Yaya ya daina zancen ƙyanƙyasa, ya koma canza gilashin waya, in an ce Injiniya ba ya ɗagowa. Firijin dai ya bar shi a kunne, allo da gilashi yanzu maganarsu ɗaya, ba ko ƙwai a ciki.

Rannan Inna ta zo shagon karɓar kwandonta. Ya miƙe da sauri har ya ture gwangwanin ƙusoshi.

"Inna, na gano abin. Na gyara. Yanzu daidai yake."

Ta leƙa allon. Lambar nan ce dai, wadda ta haddace.

"Ai da ma haka take nunawa," ta ce. Ta ɗauki kwandon ta saƙale a hannu. "Kashe shi, ɗan nan. Wuta yake ci."