Saifa da zogale don 'yar fari

A gidanmu na Bazaga uwa ba ta nuna kulawa ga 'yar farinta a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Da aka yaye tawa, uwar mijina ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, yarinyar ta tashi tana kiran tsohuwar Inna, ni kuma tana ce mini Yaya kamar yadda ta ji ƙannen ubanta suna yi. In an yabe ta sai in tashi in ba da wuri. Kunya ce, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai shekarar da yarinyar ta kai sha biyar.

Ta wutsiyar ido nake ganin komai. Ta ɗauko ruwa daga rijiya, ta sauke tulu tana haki kamar wadda aka koro. Tafin hannunta ya yi fari fat. Ta koma tsintar farar ƙasa tana ci a bayan rumbu. Na yi ta zagaye tsakar gida, in ɗauki tsintsiya in ajiye, ina jira wani ya gani ya yi magana. Ba wanda ya gani, sai ran da jiri ya kayar da ita a lakwal, wato makaranta, aka kawo ta a kan babur.

Inna ce ta kai ta asibiti, ni na bi su a baya da sunan riƙe buta. Malamar asibitin ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta soki yatsarta, ta yi mata tambaya a kan al'adarta a hankali. Ta ce ba zazzaɓin sauro ba ne, jini ne ya yi ƙasa. Ta ba da maganin tsutsar ciki da jajayen ƙwayoyi na sha kullum.

"Ku dawo bayan wata guda," in ji ta. "In ya ƙara sauka, sai a tahi Konni a yi mata ƙarin jini. Wace ta uwatta?"

Na dubi bango. Inna ta ce ita ce. Don haka ita aka lissafa wa abincin: hanta ko saifa, wake, zogale, fara, busasshen kifi, a matsa lemun tsami a kai, kuma kada a haɗa da shayi ko nono a zama ɗaya. Inna tana ta gyaɗa kai, ni kuwa na san kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya.

Tun a hanya tsohuwa ta yanke nata hukuncin. Ta sai da akuyarta, ta sa aka riƙa kawo mata lemun malti da madarar gwangwani daga bakin iyaka, tana haɗawa a kofi tana ɗura wa yarinyar safe da yamma. Ga sobo ja wur a kwano.

"Abin da ad da kalar jini shi ka ƙara jini," in ji ta. "Mu da munka haihi goma, wa za ya hwaɗa muna?"

Raina ya ɓaci, amma wa ya isa? Sai na ɓullo ta bayan gida. Ranar Laraba na hau amalanken maƙwabta zuwa kasuwar Konni. Hanta ta yi tsada, na tsaya ina juya bakin zane. Mahaucin ya nuna mini saifa a gefen tebur, baƙa, ba mai ko tayawa, kuɗinta bai kai na hanta ba ko kusa. Na saya. Na auni wake, na sayi fara soyayya a ƙaramin gwangwani, da ridi, da lemun tsami. Zogale kuwa yana nan a bayan ɗakina kyauta, awaki ne kaɗai suka san darajarsa.

Matsalar ita ce yadda zan ba ta. In na dafa na miƙa mata ita kaɗai, kafin la'asar matan unguwa sun ji cewa wance ba ta da kunya. Sai na yanka saifar na zuba a tukunyar gida duka, ina cewa a raina ai za ta samu rabonta. Ina! Aka fara zuba wa maza a zaure, aka cika kwanon tsohuwa, yara suka yi wawason sauran. Na leƙa kwanon 'yan mata, romo ne kawai. Farar da na ajiye a bakin ɗakin Inna kamar mantuwa na yi, ƙannenta suka cinye suna dariya. Laraba ta sake zagayowa na sake yi, aka sake cinyewa. Mazan gidan har suna sa mini albarka, wai miya ta yi daɗi kwanan nan.

Da wata ya cika muka koma. Malamar ta sake gwadawa, ta ɓata fuska. Jinin bai sauka ba, amma bai hau ba. Ta tsare yarinyar da tambaya har yarinyar ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya: ta daina shan ƙwayar tun makon farko, don cikinta yana murɗawa kuma bayan gidanta ya koma baƙi, ta tsorata.

"Baƙin ba komi ba na, aikin maganin na," in ji malamar. "In ciki ya dame ki, ki sha bayan kin ɗan ci wani abu. Mi ya hana ki hwaɗa ma wani?"

Malamar ta ba mu wata guda kuma, ta ce madarar nan da malti a bar su, kuɗi kawai suke ci. Muka fito. Tsoro nake ji, kuma haushi nake ji, na rasa wanda zan sauke wa.

Washegari ba ranar kasuwa ba ce, amma na hau kabu-kabu na je Konni na dawo kafin azahar. Na dafa saifa a ƙaramar tukunya da albasa, ta dahu sosai. Na yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, na yanka ɗanyen tumatir, na matse lemun tsami. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda kowa yake gani. Matar wan mijina ta tsaya da taɓarya a hannu. Inna ta leƙo ta ce, "La ilaha! Yau mi za mu gani?" Ban tanka ba. Na kori yara da muciya, na yafito yarinyar, na ce ta zauna.

Ta zauna a bakin tabarma, nesa da ni. Na tura mata kwano. Ta dubi naman, ta dube ni, ta ƙi sa hannu. Na ɗauki yanka guda na miƙa mata, sai na ga hawaye suna zubo mata.

"Yaya," ta ce da ƙaramar murya, "mutuwa za ni yi ko? Abin da likita ta hwaɗa miki ke nan?"

"Wa ya ce miki haka?"

"To ai ba ki taɓa ba ni abu da hannunki ba."

Jinin ya hau daga baya, ba a kai ga zuwa Konni ƙarin jini ba. Amma a ranar ban san haka ba. Na matsa kusa da ita har gwiwarmu ta haɗu, na riƙe kwanon da hannuna har ta cinye.