Kekunan Kawu

Kawu ne ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma da kuɗin ɗinki ya kai ni har kwalejin horon malamai. Shi ya sa ranar da ya aiko a ce in zo da jan birona, ban tsaya tambayar dalili ba. Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare, ina zaune a Kinkinau da tsohuwar tafireta. Duk danginmu sun san ni da gyaran rubutu, har ana cewa ko katin ɗaurin aure aka miƙo mini sai na nemo masa aibi. Ba su yi mini ƙarya ba.

Shagonsa yana layin teloli a Babbar Kasuwa. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, mutane sun koma sayen gwanjo, ɗinki sai da sallah. Teloli biyar ne a ƙarƙashinsa, duk magidanta, kuma biyu sun fara maganar komawa Katsina noma. Sai ga wata makarantar kwana tana neman mai ɗinka wa ɗalibanta yunifom, riga da wando ɗari takwas, kowane yaro biyu, cikin mako shida. Sun ce duk mai so ya kawo tsarin aikinsa a rubuce, da Turanci: me yake da shi, yaya zai yi, yaushe zai gama. Idan aikin ya faɗo wa Kawu, telolinsa za su zauna, in kuwa ya kuɓuce, shagon zai watse. Kowa a gidan ya san haka, ba dai mai faɗa.

Takardu biyu na tarar. Ta farko Kawu ne ya yi shifta wani ya rubuta, kuma jin ta kamar jin muryarsa ne. “Muna da 'yan kekuna. Muna ɗan taɓa ɗinki. Wataƙila za mu iya, idan an taimaka an gwada mu.” Mutumin da ya shekara talatin da almakashi a hannu ke nan. Kawu ba ya ƙirga abin hannunsa a bainar jama'a, don tsoron baki. Ka tambaye shi kasuwa ya ce ana lallaɓawa, ka tambaye shi 'ya'yansa nawa ya ce suna nan dai.

Ta biyun babban ɗansa ne ya rubuta, taubashina, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Shi kuma ya saki linzami. Shagon ya zama kamfani mafi girma a Arewa, kekuna ashirin na zamani, ƙwararrun ma'aikata, za a gama cikin mako uku.

Na ce, “Kai, ina sauran sha huɗun suke? A ƙarƙashin gadonka?”

Ya ce, “Ticha, ka cika ƙauyanci. Ranar da 'yan kwamitin makarantar za su zo dubawa, aro za mu yi a layi, mu jera har waje. Kowa haka yake yi. An taɓa ara mana, mun taɓa arawa.”

Gaskiya ya faɗa, ana yi. A layin nan aron keke ranar zuwan baƙi kamar aron tabarma ne ranar suna, ba wanda ke kallonsa a matsayin zamba. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sa hannun Kawu da zai hau ƙasan takardar.

Na jawo benci na zauna, na ce Kawu ya ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya. Kekuna nawa? Ya waiga hagu da dama kamar na tambaye shi sirrin gida, sannan ya ɗaga yatsu shida. Ɗaya nasa ne, shi kuma yanka ya fi yi. Tela ɗaya, in an yanka masa, riga da wando nawa yake haɗawa a wuni? Ya ce wani kan yi shida. Na ce ba gwanin nake tambaya ba, kuma ba ranar da aka tashi da ƙarfi ba, ranar da aka saba nake so. Ya ce huɗu. Muka cire rabin Juma'a da Lahadi, muka bar sarari don zazzaɓi da zuwa jana'iza, lissafi ya tsaya a ɗari kowane mako. Mako shida, ɗari shida. Saura ɗari biyu da ba mu da hannun ɗinka su.

Taubashina ya ce, “To ka gani. Rufe wannan ramin za ka yi, ba nuna shi ba.”

Ban rufe ba. Na sa Kawu ya yi magana da maƙwabtansa biyu, suka yarda za su karɓi ɗari-ɗari, shi zai yanka, shi zai duba kafin a naɗe. Suka sa hannu a 'yar takarda. Na koma gida na yi kwanaki ina fama da shafi biyu kacal. Duk inda Kawu ya ce “wataƙila” a kan abin da ya tabbata, na soke. “Za mu gwada kawowa” ya koma “za mu kawo”. Duk inda ɗansa ya sa kalmar yabo, na tambayi kaina ko akwai abin da baƙo zai iya zuwa ya gani da idonsa. In akwai, sai in rubuta abin in cire yabon, in babu, jimlar ta tafi gaba ɗaya. “Ƙwararru” ya koma shekarun da kowane tela ya yi a shagon. “Aiki mai inganci” ya koma ɗinki biyu a hammata da tsakiyar wando, ga samfuri a haɗe. Kekunan “zamani” na mayar da su abin da suke, na ƙafa, na kuma rubuta cewa ɗauke wuta ba ya tsayar da mu, guga ma da gawayi muke yi. Na raba abin da muka mallaka da abin da muka shirya da maƙwabta, kowanne da sakin layinsa. Sharaɗi ɗaya na bari, don na gaske ne: mako shidan zai fara ne daga ranar da makaranta ta kawo yadi da awon yara.

Da na fassara wa Kawu, sai ya ce, “Ɗan nan, ka sa ni cika baki. ‘Za mu kawo.’ Gobe a hannunka take?”

Na ce, “Kawu, cika baki shi ne faɗin abin da ba ka da shi. Wannan duk kana da shi.”

Ya ce ba zai sa hannu a alkawarin da babu in sha Allahu ba. Nan muka ɗan ja, don ni ina gudun kada su karanta shi a matsayin hanyar zillewa, yadda wasu suka mayar da shi. A ƙarshe na sa shi sau ɗaya, a jimlar ƙarshe, bayan an gama faɗin ranakun kawowa. Ya sa hannu da ajami. Ɗansa ya ɗauki takardar da yatsu biyu ya ce, “Wannan ai ramammiya ce, Ticha. Ko akuya ba za ta tsorata ba.”

'Yan kwamiti sun zo, mutum uku. Suka ƙirga kekuna, suka juya samfuri ciki da waje, suka leƙa shagunan maƙwabtan. Wani dattijo a cikinsu ya ce bai taɓa karanta tsarin da ya dace da abin da ya tarar kamar wannan ba. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Aka ba wani ɗan kwangila aikin. Mun ji cewa ya rubuta kekuna talatin da mako uku, kuma kwamitin ya ji tsoron raba aiki shago uku. Ban ga laifinsu sosai ba, wanda aka ɗora wa yara ɗari huɗu dole ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Ranar da aka je duba wurin ɗan kwangilar, rabin kekunan daga layinmu aka ɗauke su a kura.

Bayan kwana kaɗan sai ga ɗan kwangilar da bandir-bandir na yadi a bayan a-kori-kura, yana rabawa teloli. Kawu ya sami kaso mafi tsoka, a kan ladan da bai kai rabin abin da makaranta ke biya ba. Yunifom ɗin dai da muka yi wa lissafi, a kan kekunan dai da na rubuta. Teloli biyu suka tafi, uku suka zauna saboda wannan aikin.

Taubashina ya daina yi mini tsiya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mukan gaisa kamar surukai. Na daina bi ta layin teloli, in na shiga kasuwa sai in zaga ta wajen 'yan tumatir. Ina koya wa yara a aji yadda ake rubuta magana madaidaiciya, zuciyata kuwa tana tambayata ko na sayi tsabtar alƙalamina ne da abincin gidan wasu. Ni albashina yana zuwa ko an ba Kawu aiki ko ba a ba shi ba. Har yau ban yarda cewa ƙarya ce ta dace ba, amma ban taɓa samun amsar da ta sa na ji daɗi ba.

Wata Asabar da hantsi Kawu ya zo Kinkinau da kansa, abin da bai saba ba. Matata ta kawo masa ruwa da fura, ya sha ruwan kawai. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ɗan kwangilar nan yana neman aikin wani asibiti, kuma dattijon kwamiti ya yaba masa takardarmu.

“Ya ce in roƙe ka ka rubuta masa irinta. Yadda in mutum ya karanta zai ji babu ƙarya. Amma da lambobinsa.”

Na san wanda ke ba telolin Kawu ukun nan aiki yanzu. Na fara lissafin yadda zan yi, ko in rubuta in kauce wa lambobin, ko in ce tafireta ta lalace. Kunya ta rufe ni, don na ji a raina cewa in Kawu ya ce in yi, zan yi.

Na ce, “Kawu, yaushe yake so?”

Ya dube ni sosai, ya ce, “Ba aike na kawo maka ba, labari nake ba ka. Na ce masa ɗan ƙanwata ba ya irin wannan rubutun.”

“Sai ya ce me?”

“Jiya ya aiko aka kwashe sauran yadinsa.”

Ya miƙe yana neman takalmansa. Na raka shi har bakin titi, ya hana ni biya masa kuɗin mota.