Fuskar Baba a Jikin Noti

Shekara bakwai na yi aiki ɗaki ɗaya da Baba Kar-a-taɓa, shi yana ɗaukar hoton jakunkuna, ni ina gogewa. Wurin namu bayan wani babban shagon jakunkunan mata ne da ke sayar da kaya ta intanet. Ɗaki ne mai tsawo, babu taga. A ƙarshensa an rataye farar takarda daga rufi har ƙasa, gabanta fitilu biyu da kyamara a kan ƙafa uku. Tebur ɗina yana ta bakin ƙofa, kuma zaman da nake yi, bayana ke kallon Baba.

Sunan nasa daga bakinsa ya fito. Ya manna salatif a ƙasa daidai inda kowace ƙafar kyamara take, duk wanda ya doso wurin sai ya ji, "Kar a taɓa!" Har mai shago ya sha wannan tsawa. Shi kansa Baba ba ya taɓa kyamarar in yana ɗauka. Wata doguwar waya yake riƙewa mai maɓalli a baki, ya tsaya a gefe ya danna. Ni kuwa Magogi yake kirana.

Yana da dalili. Kowace jaka ana rataye ta ne da siririn zaren roba a jikin wani ƙarfe da ya taso ta dama ya miƙo hannu ta sama. A jikin ƙarfen ake maƙala 'yar takardar farashi da lambar jakar. Mai saye bai kamata ya ga ƙarfen ko takardar ba, don farashi canzawa yake yi. Hoto ɗari shida ne a sati, kuma ba mai goge wannan ɗaya bayan ɗaya ya kai Juma'a da idonsa. Saboda haka na naɗi aikin sau ɗaya a manhajar gyaran hoto, abin da muke kira akshon: ka danna naɗi, ka zagaye wurin da ƙarfen yake, ka sa ta cike shi da abin da ke kewaye, wato farin takarda, ka ajiye, ka rufe, ka tsayar da naɗin. Daga nan sai ka nuna mata folda, ta bi hotunan duka ta maimaita. Zaren kawai nake bi da hannu.

Akshon ba ya gani. Bai san ƙarfe ba, bai san jaka ba. Wurin da ka zagaye ran farko, nan zai goge har abada, ko me ya tarar a wurin. In kyamara ta gusa da faɗin yatsa, sai ya ci hannun jaka ya bar ƙarfen. A shekara bakwai Baba bai taɓa ba ni hoton da ya gusa ba sai rana ɗaya.

Akwai abin da ya yi ta faɗa mini. Lokacin da na naɗi akshon, na yi ajiyar a kan hoton asali, ban buɗe wata folda ba. Duk hoton da aka goge, na asalin ya tafi kenan. Katin kyamara kuma duk Litinin ake share shi.

"Magogi, ka riƙa barin na asali mana."

"Baba, wa zai nemi hoton ƙarfe? Kwamfutar ma a cike take."

"Ai ba ka san me za a nema ba."

"In an nema ka sake ɗauka. Ba aikinka ba ne?"

Sai ya yi dariya ya ce kaina ya fi ƙarfen tauri. Gyaran ba zai ci mini minti biyar ba. Ban yi ba.

Baba mutum ne da bai yarda a ɗauke shi hoto ba. Ba wani dalili na addini ko tsoro, cewa yake hancinsa zai fasa gilashi. In ka ɗaga waya ya juya ƙeya. Tun yana saurayi yake ɗaukar mutane, na makaranta, na fasfo, na taro, kafin gwiwa ta hana shi yawo ya dawo jakunkuna. Yakan zo da abincinsa a kwano mai murfi, ya ci rabi ya tura mini rabi ba tare da ya ce komai ba. Wata riga gare shi ruwan toka mai aljihu huɗu, ita ce ta aiki, ta koɗe a kafaɗa.

Ranar da hoton ya gusa Alhamis ce. Da hantsi na sa akshon ya bi hotunan safe. Da na duba, talatin da ɗaya na ƙarshe sun lalace. Hannayen jakunkuna a gutsure, ƙarfen a tsaye, farin takarda ya yi dabbare-dabbare inda manhajar ta kwaso launin jaka ta shafa. Na cire abin kunnen da nake jin waƙa da shi na juya. Baba yana zaune a kan kwali.

"Baba, wa ya taɓa kyamara?"

"Ni ne."

"Kai? Kai da kanka? To ga talatin da ɗaya sun tashi a banza, na asali kuma babu. Da yamma ake son su."

Ban tuna cewa suna nan a kati ba, shi ma bai tuna mini ba. Ya ce, "Yi haƙuri. Gobe zan sake."

Na kwashe su na zuba a wata folda na rubuta mata "a sake", na mayar da abin kunnena. Bai zo Juma'a ba. Ranar Asabar 'yarsa ta kira shago ta ce ya rasu, zuciya ce. Ranar Litinin sabon mai ɗauka ya share katin, ya mayar da ƙafafun kyamara kan salatif ɗin Baba, aiki ya ci gaba.

Wata biyar bayan haka 'yar ta zo. Malamar asibiti ce, ta shigo da kayan aikinta, ta tsaya tana kallon salatif ɗin da ke ƙasa.

"Yaya, ko kuna da hoton Baba a nan? Ko wane iri."

"A gida babu?"

"Akwati biyu na hotuna. Duk shi ya ɗauka, ba ya cikin ko ɗaya. Sai na katin shaidarsa, tun bai fara furfura ba, hatimi ya rufe rabi." Ta juyo ta dube ni. "Inna ce. Jiya ta ce in ta rufe ido tana ganin rigarsa da hannunsa, amma fuskar ta ƙi zuwa. Ta daina cin abinci sosai."

Na ce zan duba. Tana fita na tuna inda fuskar take. A jikin ƙarfen akwai wani dunƙulallen noti na ɗaurewa, mai sheƙi kamar bayan cokali, ɗakin duka yana fitowa a jikinsa. Shekarun baya na taɓa ƙara girman wani hoto na gan shi a ciki, tsaye gefen kyamara da wayarsa, har na tsokane shi na ce yau na kama shi. Ya ce in goge maza. Na goge. Yana cikin kowane hoto da ya ɗauka a ɗakin nan, ni kuma na share shi sau ɗari shida duk sati, na ajiye a kan na asali.

Na buɗe tsofaffin foldoji duk da na san abin da zan gani. Jaka, fari. Jaka, fari. Na kwana biyu ina yi tsakanin aiki. Rana ta uku na ga foldar "a sake".

A hotunan farko gogewar ta yanka notin gida biyu. Amma ƙafar kyamarar da ya dafa ta ci gaba da zamewa kaɗan-kaɗan, ƙarfen yana ƙara kauce wa wurin da akshon ke ci. A shida na ƙarshe notin ya fito cikakke. Na ƙara girman na farkonsu.

Ga shi nan. Fuskar ba ta fi farce ba, ta lanƙwashe, amma shi ne, har furfurar gemu. Ba a tsaye yake ba. Yana zaune a kan kwali, hannu ɗaya na riƙe da maɓallin, ɗayan ya danne ƙirji. Haka yake a duka shidan. Wato yana tashi ya rataye jaka, ya canza takardar farashi, ya dawo ya zauna ya danna. A bayansa, can bakin ƙofa, ga wani da abin kunne ya ba shi baya.

Na daɗe ina kallo. Sana'ata ce cire abin da ba a so a gani. Minti biyu ya ishe ni in sauke masa hannun, in cike bakin ƙofa da bango. Har na zagaye kaina da alama. Sai na cire alamar. Na zaɓi wanda idonsa ya fi fita, na yanko notin, na ƙara haske kaɗan, na buga a takarda girman tafin hannu. Fiye da haka fuskar watsewa take yi.

Na kai da kaina bayan an tashi aiki. Inna tana zaune a falo kusa da akwatunan. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa. Ta matsar da shi kusa da ido, ta nisantar, 'yar ta kawo mata tabarau.

"Shi ne," ta ce. "Kai, wannan rigar! Sau nawa na ɓoye ta." Ta yi 'yar dariya, ta shafa gemun da ɗan yatsa. "Hancin ya ƙara girma."

"Notin ne ya lanƙwasa shi, Inna."

"Me ya sa ya riƙe ƙirji?"

"Ranar Alhamis ɗin ce. Ta ƙarshe."

Ta gyaɗa kai. Yatsanta ya matsa baya.

"Wannan fa?"

"Ni ne."

"Ba ka juyo ba?"

"Na juyo, Inna. Faɗa na yi masa a kan hotuna."

'Yar ta dube ni, ta kau da kai. Inna ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Da ya dawo ya ce mini ya ɓata wa Magogi aiki. Abin da ya dame shi kenan." Ta jingina hoton a jikin agogon tebur, ta ce wa 'yar ta zubo mata abinci, ta zubo wa baƙo.

Washegari na gyara akshon. Yanzu yana ajiyewa a wata folda, na asali na nan. Na kuma juya tebur ɗina. Sabon mai ɗauka ya tambaye ni ko gadinsa nake yi, na ce ya yi aikinsa. In na saki akshon, hotunan sukan buɗe su rufe da sauri, ƙarfen ya bayyana ya ɓace. Har yau a cikin wannan ɗan ƙyaftawar idona notin yake nema.