Shekarar da Aka Zaɓi Mumin

Shekara shida Mumin yana gadin wani bene a Doha, yana kwana a unguwar Najma, su takwas a ɗaki ɗaya. Haifaffen Zangon Kumasi ne, ya kuma gama sakandare, don haka ya cancanci shiga cacar bizar Amurka. Duk Oktoba sai ya cire tabarau, ya tsaya gaban farin bango a ɗauke shi sabon hoto, tunda ba a karɓar tsoho.

Bara aiki ya sha kansa, sai ya tura wa wani ejan a gida hoton don ya cike masa fom. A watan Mayu ejan ya kira shi.

"Maigida, an zaɓe ka! Amma gwauro na rubuta ka. Akwai wata da za ku yi auren takarda, ku tafi tare."

"Matata Rukayatu fa, da 'ya'yana biyu?"

"Ba su cikin fom."

Lambar duba sakamako tana hannun ejan, imel ɗin ma nasa ne. Ko da Mumin ya ƙwato lambar, ɓoye iyali kaɗai ya isa a hana shi biza ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka.

Da la'asar Rukayatu ta kira, tana tambaya ko sakamako ya fito. Ya gyara zaman hular gadinsa, ya ce, "Bana ma ba mu ci ba."