Kofi na Biyu

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran takalma a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kawo masa takalmi ya karɓa a ranar. Ko ƙusa ɗaya za a buga, sai ya juya takalmin, ya leƙa cikinsa kamar mai neman ajiya, sannan ya ce, "Sai gobe." Da haka sunan ya bi shi, har masu kiransa Baba Sai-Gobe suka fi masu sanin sunansa na yanka yawa. Amma in goben ta yi, ɗinkinsa sai dai takalmin ya mutu ya bar shi.

Ɗakinsa yana saman shagon, a hawa na biyu: ciki da falo, da ɗan lungun girki mai taga ɗaya. A nan suka zauna shi da mai ɗakinsa, a nan suka raini 'yarsu guda, wadda har ta yi aure ta haifi uku bai daina kiranta Auta ba. A nan kuma matar ta rasu wata safiya, ba doguwar jinya. Wata bakwai bayan haka hawan jini ya kayar da shi a bakin shago, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo da wuri, baki ma ya saki. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suna ɗan motsi, amma sun lanƙwashe cikin tafi kamar masu ɓoye wani abu.

Mai gyaran takalma kuwa da hagu yake riƙe takalmi, dama ta soka basilla. Ba hagu, ba sana'a.

Auta ta zo daga garin da take aure, tafiyar yini guda a mota, ta yi mako biyu tana jinyarsa. Ranar da za ta koma ta zauna a bakin gado ta faɗa masa abin da ita da mijinta suka yanke.

"Baba, na ba ka wata shida. In na dawo ba ka iya saka maɓallin rigarka da kanka, za mu rufe shagon nan ka koma wurinmu. Mun ma gyara maka ɗaki."

"Ɗakin surukai," ya ce. "In zauna ina gadin talabijin."

"Ya fi ka faɗi a nan ba mai ji."

Bai yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa. Sai dai zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Duk abin da ya rage masa na matarsa yana cikin ɗakin nan, har da tabon man da ta bari a bango kusa da risho.

A asibiti, a sashen motsa jiki, wata ma'aikaciya mai gajeren tsayi da saurin magana ta ba shi takarda mai zane goma sha biyu da ƙwallon roba ja. Kowane motsi sau ashirin, safe da yamma. Ya karɓa da ɗoki irin na wanda aka yi wa barazana. Kwana na farko ya yi duka har ya ƙara. Kwana na uku yana yi yana haɗa gumi. A na shida ya ce kafaɗa na ciwo, zai rama da yamma. A na takwas takardar ta koma ƙarƙashin rediyo, ƙwallon ya gangara bayan kujera ya yi zamansa.

Sau uku yana wannan wutar kara. Duk ranar da Auta ta buga waya sai ya zaburo, ya kakkaɓe takardar, ya rantse wa kansa cewa wannan karon ba wasa. Mako guda ya ishe shi. Ba lalaci ba ne, mutumin da ya yi shekara talatin yana durƙushe a kan takalman jama'a ba a kiransa rago. Abin dai ba daɗi, ba a ganin sakamako, kuma ba wanda zai leƙo ya ce, "Ka yi kuwa?" Mai faɗar hakan tana kabari.

Telan da ke maƙwabtaka da shagon yakan ɗago kai in ya gan shi zaune a bakin rufaffiyar ƙofa, ya ce, "Baba Sai-Gobe, yaushe za a buɗe?"

"Sai gobe," yakan ce. Su yi dariya, kowa ya san dariyar ba ta kai ciki ba.

Wata biyu suka tafi a haka. Da ya koma asibiti, ma'aikaciyar ta kama yatsunsa ta buɗe, suka koma suka rufe. Ba ta tambaye shi ko yana yi ba, jiki magayi.

"Baba, laifina ne," ta ce. "Na ɗora maka buhu alhali ko kwano ba ka saba ɗauka ba. Bar maganar takarda. Faɗa mini abu ɗaya da kake yi kullum da safe, ko kana so ko ba ka so."

"Ina shan shayi."

"Yaya kake yi? Bi da ni daki-daki."

Ya ce yakan ɗora buta a kan risho, ya buɗe kabad, ya sauko da kofi.

"Biyu nake saukowa da su," ya ce, yana kallon ƙasa. "Nawa da nata. Sai na ajiye nake tunawa, in mayar da ɗayan. Wata tara ke nan, ban taɓa fashi ba. Tsufa ne, 'yar nan."

"Ba tsufa ba ne, sabo ne. Ka ga wannan ba ka neman ƙarfin zuciya kafin ka yi, hannu ke zuwa da kansa. To a jikinsa za mu rataya namu. Ka saka ƙwallon nan cikin kofin Mama. In ka sauko da shi ka ga ƙwallo, ka saka a hannun hagu, ka matsa, ka buɗe yatsun iyakar iyawarka. Sau ɗaya."

"Sau ɗaya? Wasa kike da ni?"

"Sau ɗaya ba zai warkar da hannu ba, wannan gaskiya ne. Hannu sai da maimaici mai yawa. Amma yanzu ba hannun muke koya wa ba, safiyar muke koya wa. In ka ji kana son ƙari, ka ƙara. In ba ka so, ka gama aikinka, ba mai binka komai. In ka yi fashi rana ɗaya, kada ka rama, ka dai yi washegari."

Ya fito yana gunaguni, wai an mayar da shi ɗan yaye. Har ya isa gida yana jin ba zai saka ba, don kofin nata ne, fari mai zanen ganye, bakinsa ya ɗan ɓantare, kuma tun da ta rasu ba abin da ya shiga cikinsa. Ya daɗe tsaye a gaban kabad. Daga baya ya ce a fili, "Ki yi haƙuri, aro zan yi," ya jefa ƙwallon ciki.

Da safe ya ɗora buta, ya sauko da kofi biyu ba tare da ya yi niyya ba, sai ga jan abu yana kallonsa. Ya matsa, ya buɗe, ya mayar. Ko rabin minti bai cika ba. Rana ta takwas ta zo, wadda ta saba kayar da shi, ya tashi da jiki a mace da zuciya a cunkushe. Amma wa zai ce ya gaji da sau ɗaya? Ya yi, yana tsaki.

A mako na uku ya lura butar takan ɗauki minti biyar kafin ta tafasa, shi kuma tsaye kawai yake, sai ya riƙa matsawa har ta yi kuka. Lokacin da ya kwana biyu a asibiti don gwaji, ba kabad ba kofi, ko tunawa bai yi ba. Ya dawo yana jin ya rushe komai, amma washegari kofin ya sauko, ƙwallon na ciki, aka ɗora daga inda aka tsaya. Ma'aikaciyar ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, kowane sabo a jikin tsoho: in ya shanye shayi, ya tsinci maɓallai biyar daga faranti, in ya wanke kofi, ya matsa maƙalan shanya a bakin kofin. Sannu a hankali zane takwas cikin sha biyun nan suka shigo ta bayan gida, bai ma san ya karɓe su ba.

Wata safiya a wata na biyar yana cikin tsintar maɓallai sai ya tsaya cak. Ya tuna cewa yau da ya miƙa hannu kabad, ƙwallo ya je ɗaukowa. Bai ɗauko mata kofi ba, bai manta ta rasu ba, ba ta ma faɗo masa a rai ba. Ya zauna a kan kujerar roba ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. An ce sabo ake yi wa kuka, shi kuwa ga shi sabon ne ya sauya a hannunsa, kuma shi ya sauya shi. Shayin ya huce, ya sha a haka.

Auta ta dawo a cikar wata shida, da babbar jaka da ta zo da ita a wofi don kwasar kayansa. Ta same shi a shago, ƙofa a buɗe, takalmin wata mata a matse cikin hannunsa na hagu. Riƙon ba irin na da ba ne, ƙananan yatsu biyu har yanzu ba sa jin magana, kuma aikin awa guda yakan ci masa yini. Ta tsaya tana kallo har ya soka basilla ya ja zare. Sannan ya kwance maɓallin wuyan rigarsa, ya mayar, yana dubanta.

"Baba, ko da haka," ta ce. "Kai kaɗai ne fa a nan."

"Ni kaɗai ne, Auta. Ban ce da daɗi ba. Amma nan ne na san inda komai yake."

Ta kwana biyu. Da safen da za ta tafi ya sauko da kofi biyu, ya fitar da ƙwallon, ya yi abinsa har buta ta yi kuka. Sannan ya ɗauraye farin kofin, ya zuba shayi, ya ɗauko da hannun hagu, ya miƙa mata. Ta ga ɓantararren bakin, ta gane na wace ce, ta karɓa da hannu biyu.

Ya raka ta har bakin titi, ta shiga mota da jakarta a wofi kamar yadda ta zo da ita. Ya hau bene a hankali. Ɗakin shiru, kofi biyu a kan tebur. Ya wanke su, ya goge nata da kyau, ya mayar da ƙwallon ciki saboda gobe.